Satin da Na Yi Ƙirga a Gidan Goggo

Takalmin na fara gani. Motar Salaga ta sauke mu a Yendi da la'asar, ni da Yayana, muna shiga zauren gidan Goggo sai ga shi a kan dakali: fararen kambas sababbi, an ɗaure igiyoyinsu wuri ɗaya, ƙasansu bai taɓa taka ƙasa ba. A gidan nan babu mai irin wannan takalmi. Na san mai shi tun kafin in jiyo dariyarsa daga tsakar gida.

Ɗan Baffa ne, ɗan ƙanen mahaifinmu da ke Bawku. Da ya ga Yaya sai ya miƙe ya ware hannu.

"A'a, Gurgu, har da kai? Sun ce suna ɗaukar masu shara ne?"

Yaya ya gaishe shi kamar bai ji ba. Ni na wuce ɗakin Goggo da akwatina a ka, don a wurinta nake zama ina makaranta. A lokacin ba na iya kallon babba a ido, ko a aji sai malam ya matso kusa kafin ya ji amsata. Amma abin da na gani ba na mantawa.

Ga yadda sunan Gurgu ya samo asali. Mahaifinmu fataucin goro yake yi tsakanin Salaga da Bawku. Bayan rasuwarsa Yaya ya ci gaba da bin ayarin jakuna tare da Baffa. Shekarar da ta biyo baya kurkunu ya fito masa a idon sawu, irin wanda ruwan rijiyoyin garinmu ya saba ba mutane. Wata uku Inna tana naɗe zaren a tsinke kaɗan kaɗan. Da ya fara takawa ya je inda ayari ke ɗaure kaya, yana ɗingishi, ni ina biye da shi da abincinsa. A gaban mutane Baffa ya karɓi sandar mahaifinmu daga hannunsa ya miƙa wa ɗansa, ya ce gurgu ba ya jan ayari, in yana son tuwo ya zo Bawku ya riƙa kwashe kashin jakuna. Ɗan Baffa, da yake ɗan kokawa ne, ya sa ƙafa ya taɗe mai ciwon. Yaya ya faɗi a kan huhun goro, miki ya sake fashewa. Wasu suka yi dariya. Na ƙirga su, na san fuskokinsu.

Ƙafar ta warke, sunan bai warke ba. Da aka yi shela cewa za a ɗauki 'yan sanda a Yendi, shekarar da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Bama, Yaya ya yi wata biyu yana gudu da asuba a hanyar Kpembe. Inna ta riga ta faɗa masa: in bai samu ba, babu sauran abin da zai riƙe shi a Salaga, sai ya tafi wurin Baffa. Shi kuwa ɗan Baffa ya zo ne don yana ganin jar hular 'yan sanda za ta yi masa kyau. Goggo yayar iyayensu ce su biyun, saboda haka ta shimfiɗa musu tabarma a ɗaki ɗaya.

Mijin Goggo tsohon soja ne, ya yi yaƙin Kamaru, kowa a zango Baba Saje yake ce masa. Ranar da muka iso Juma'a ce, gwaji kuma sai Asabar ta sama. Bayan magariba ya kira su, ya ce in kawo allon makarantata.

"Abu biyu ne," in ji shi. "Gudu daga bakin bariki zuwa dutsen mil na farko a hanyar Tamale, a dawo kafin Bature ya rufe agogonsa. Sannan gaisuwar ƙadangare, ashirin da biyar."

Haka yake kiran abin nan da mutum zai kife a kan tafin hannu da yatsun ƙafa, ya sauke ƙirji ya ɗaga. Ya sauka da kansa ya nuna, da furfurarsa. Jiki miƙe kamar tabarya, gindi ba ya tashi, ciki ba ya lotsawa. A sauka har ƙirji ya taɓa dunƙulen hannun mai ƙirga, a tashi har gwiwar hannu ta miƙe.

"Wadda ba ta taɓa ba, ba a yi ta ba. Rubuta, 'yar Goggo."

Na rubuta yadda ya faɗa. Asabar a gwada duka, gudu da gaisuwa, don a san inda ake. Lahadi sassarfa a hankali, gaisuwa goma goma ana hutawa tsakani. Litinin gudu mai zafi amma gajere, daga wannan itacen kuka zuwa wancan, a dawo da tafiya, a sake. Talata hutu. Laraba rabin hanya da saurin gwaji, da gaisuwa kaɗan. Alhamis sassarfar da ba ta kai a yi gumi sosai ba, gaisuwa 'yan kaɗan don hannu ya tuna. Juma'a masallaci kawai.

Ɗan Baffa ya leƙa allon, ko da yake bai iya boko ba.

"Baba, hutu nawa na ji?"

"Biyu."

"A sati ɗaya? Wannan ai tsarin mai jego ne."

"Sati ɗaya ba ya ƙara wa mutum ƙarfi, yaro. Wanda ka zo da shi ne ake tattalawa kar ya zube kafin ranar."

"Mu a kokawa, in an kusa wasa ƙara wuta ake yi."

"To ka ƙara," in ji Baba Saje. Shi ba ya maimaita magana. Ya sa aka rataye allon a zaure, ni kuma na yi satin ina rubutu a bayan allon wata ƙawata.

Baba Saje ba shi da agogo. Yana da ƙoƙo mai 'yar huda a gindi, wanda ya taɓa aunawa da agogon wani akawu. In an ɗora shi a kan ruwan baho, kafin ya cika ya nutse daidai yake da lokacin da Bature ke bayarwa. Ni aka ba tsaron ƙoƙon, kasancewar ina tashi da wuri ɗibar ruwa. Daga ƙofar gidanmu zuwa wata tsamiya a bayan gari ya auna musu tazarar.

Ranar Asabar ɗin farko ɗan Baffa ya dawo ruwa bai kai bakin ƙoƙo ba. Yaya kuwa yana shigowa ƙoƙon na nutsewa. Sannan na durƙusa na dunƙule hannu a ƙasa, Yaya ya kife a kai. Ƙirjinsa da gumi yana taɓa yatsuna, ina ƙirgawa. A ashirin da uku hannuwansa suka yi rawa, ya zube. Saura biyu. Na ji kamar ni na faɗi.

"Zo nan, 'yar boko," in ji ɗan Baffa. "Zo ki ga na maza. Kawar da hannunki, ba na buƙata."

Ya fara da sauri kamar mai sassabe. Kansa ne ke sauka, gindinsa a sama, gwiwar hannunsa ko rabi ba ta lanƙwashe ba. Tsakanin ƙirjinsa da ƙasa kaza za ta wuce. Na ƙirga ta farko da ta biyu don sun ɗan yi ƙasa, ta uku na yi shiru.

"Nawa?"

"Biyu," na ce, can ƙasan maƙoshi. "Wannan ba ta taɓa ba."

Ya tashi ya zo ya ranƙwashe ni a tsakar ka, da ƙashin yatsa, inda kitso ya rabu. Baba Saje ya shiga ciki a lokacin, Yaya yana bayan gida yana wanke fuska.

"A makarantar taku ba a koya muku abin da ke bayan biyu ba? In na sauka ki ƙirga. Gidanku daga gurgu sai bebiya."

Ban yi kuka ba. Na koma na tsuguna, ya sake kifewa, na ƙirga masa duk abin da ya yi. Sittin da ɗaya. Na faɗe su da murya sosai, yadda malam bai taɓa ji daga bakina ba. Tun daga ranar, duk sanda ya kira ni na zo da gudu, ko ina tsakiyar wanke-wanke.

Lahadi Yaya ya yi sassarfarsa, ya dawo yana iya magana ba haki, don haka Baba Saje ya ce a gane an yi ta daidai. Ɗan Baffa ya je tsamiya sau biyu. Litinin na tsaya a gindin kukar farko kafin ƙararrawar makaranta, Yaya yana zuwa a guje yana komawa da tafiya, matan Dagomba masu kai itace kasuwa suna tsayawa kallo. Wata tsohuwa ta tambaye shi wa ya biyo shi. Na lura in ya gaji yana ɗan karkata ga ƙafar hagu, yana tausaya wa mai tabon. Na faɗa wa Baba Saje a kunne. Ya kalli tabon, ya danna gefensa da yatsa.

"Da zafi?"

"Babu, Baba."

"To tsoro ne. Taka ta, taka ce."

Talata ta fi kowace rana yi mini wuya. Yaya yana zaune a zaure yana taya Baba Saje murza igiya, ɗan Baffa ya shigo jiƙe da gumi, yaran unguwa na biye da shi.

"Amarya tana lalle," ya ce musu, yana nuna Yaya. "Kar ku yi hayaniya."

Yaran suka kwashe da dariya. Na ga jijiyar wuyan Yaya ta tashi, ya ajiye igiyar zai miƙe. Baba Saje bai ɗaga kai ba, ya ce, "Allo ya ce me yau, 'yar Goggo?"

"Hutu."

"To."

Yaya ya koma ya zauna. Ni kuwa na fita tsakar gida na ƙirga wa ɗan Baffa saba'in, a gaban yaran. Suna ta tafi. Da na ce saba'in sai na ƙara da cewa, "Jiya ma ka fi haka sauri." Gaskiya ce. Ya huta kaɗan ya sake wasu talatin.

Kowace yamma yakan sauko da kambas ɗin nan ya goge da tsumma ya mayar. Goggo ta ce ya riƙa sawa mana ƙafa ta saba. Ya ce ranar gwaji zai buɗe su, Bature ya san ba da matsiyaci yake magana ba. Baba Saje ya ce 'yan sandan da zai shiga ma ƙafa a ƙasa suke tafiya, sai naɗin ƙwauri. Ɗan Baffa ya ce shi ya sa ake buƙatar irinsa.

Ranar Laraba Yaya ya yi rabin hanya, ya dawo fuskarsa a sake. Alhamis da yamma, bayan ya yi 'yar sassarfarsa, ya tsaya yana kallona ina ƙirga wa ɗan Baffa. Da aka gama ya ja ni bayan rumbu.

"Kin san waɗannan ba za a ƙirga su a bariki ba."

"Shi ya ce in ƙirga."

"Ɗan'uwanmu ne."

Na sunkuyar da kai na nuna masa tsakar kaina, inda har lokacin akwai ɗan kumburi. Na kuma kalli ƙafarsa. Amma Yaya ba irina ba ne, zuciyarsa ta Inna ce. Da aka zauna cin tuwo ya ce, "Ɗan'uwa, ka riƙa sauke ƙirjin nan ƙasa. Kuma gobe ka huta, na ga kana yamutsa fuska in ka ɗaga buta."

Na riƙe loma a hannu.

Ɗan Baffa ya suɗe yatsa. "Mai ashirin da uku yana koya wa mai saba'in. Goggo, kin ji? Kai dai ka shirya, babana ya ce a ajiye maka kwando da tsintsiya a turken jakuna."

Na kai lomar baki. Tuwon dawa ne da miyar kuka, ban taɓa jin daɗin tuwo kamar na ranar ba.

Juma'a Yaya ya yi aski, ya yanke farce, ya je masallaci, ya wuni yana shan ruwa kaɗan kaɗan, ya ci abin da ya saba ci, ya kwanta ana idar da isha'i. Ɗan Baffa ya je tsamiya da safe, ya sake zuwa da la'asar, sannan ya kira ni. Ya ce yau ɗari zai yi don bankwana. Na ƙirga. Daga tamanin hannuwansa suka fara karkarwa, saukar tasa ta koma gyaɗa kai kawai. Na ci gaba, tamanin da ɗaya, tamanin da biyu, ban tsallake ko ɗaya ba har ɗari.

Da asubar Asabar na ga ɗan Baffa ya ɗaga buta da hannu biyu. Yaya ya sha rabin ƙoƙon koko tun da sauran duhu. Shi kuwa ya sa Goggo ta ɗumama masa sakwarar jiya da nama, ya ce ɗan kokawa ba ya shiga fili da ciki wayam. Sannan ya kwance igiyar kambas.

Filin bariki yana jikin makarantarmu. Goggo ta ba ni tulun ruwa in kai musu, na tsaya a gindin ɗorawa tare da masu sayar da ƙosai. Samari sun cika wurin, Dagomba da Kusasi da Mosi da 'yan zango, duk da Hausa ake yi musu magana. An auna tsayi da ƙirji, likita ya duba ido da haƙora, ya tsaya a kan tabon Yaya ya sa shi ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya wuce. Kafin a tashe su na ga Yaya yana 'yar sassarfa a gefe yana juya kafaɗu, yadda Baba Saje ya ce. Ɗan Baffa yana tsaye wuri ɗaya don a ga takalmi.

Aka busa usur. Fararen kambas suka yi gaba kamar an harbo su, suka ɓace a kwanar hanya. Yaya yana tsakiyar taro. Na ji ina ƙirga numfashina kamar ina gaban ƙoƙo. Da suka fara dawowa, wani dogon Bakusase ne a gaba, sai wasu uku, sai Yaya, yana taka ƙafafunsa biyu daidai. Bature bai ko kalli agogo ba. Ɗan Baffa ya shigo cikin na ƙarshe, takalmi a hannu, dunduniyarsa ta saɓule tana jini, ɗaya hannun a kan haƙarƙari. Da ƙyar ya shiga lokaci. Na gode wa Allah da ya shiga, don ban so abin ya ƙare a nan ba.

Aka jera su. Wani kofur, baƙi siriri mai tsagar Mosi, shi ke durƙusawa ya dunƙule hannu a ƙasa. Da aka zo kan Yaya na rufe ido, ina jin muryar kofur kawai. Ashirin da uku. Shiru ya ɗan yi tsawo. Ashirin da huɗu, ashirin da biyar. Kofur ya ce ya isa, Yaya ya ƙara biyu kafin ya tashi.

Sannan ɗan Baffa. A nan na buɗe ido, na ma matsa gaba har wani ɗan sanda ya tare ni da kulki. Ya fara da saurin nan nasa. Kofur bai ƙirga ko ɗaya ba. Ya yi kamar goma, ya ɗago kai.

"Ranka ya daɗe, ba ka ƙirgawa."

"Ban ji komai a hannuna ba. Sauko, aboki."

Ya sauko, ƙirji ya taɓa, ya tashi da ƙyar. "Ɗaya," in ji kofur. Ya koma irin tasa. "Ɗaya. Ɗaya. Har yanzu ɗaya muke." Samarin da ke jira suka fara dariya. Ya cije ya riƙa saukowa har ƙasa, amma hannuwan da suka yi sati ba hutu ba su san wannan hanyar ba. A sha ɗaya suka lanƙwashe, haɓarsa ta bugi ƙasa.

"Jiya na yi ɗari," ya ce, bakinsa da ƙasa. "Ku tambayi yarinyar can."

Kofur ya waiwayo. Mutane da yawa suka waiwayo, abin da na fi tsoro a duniya. Na ji muryata ta fito.

"Ya yi ɗari. Irin waɗanda ka ƙi ƙirgawa."

Dariyar da aka yi ta fi ta wurin ɗaurin goro. Ita ma na riƙe ta.

Da yamma ɗan Baffa ya shiga motar da za ta kai shi hanyar Bawku, bai ci abinci ba. Goggo ta yi ta share hawaye, don shi ma ɗanta ne. Ta ɗaure masa dunduniya da tsumma, ta cusa masa ƙuli-ƙuli a aljihu. Kambas ɗin ya manta da su a kan dakali, ɗaya da jini a ciki. Baba Saje ya sauke allona ya miƙo mini, ya daɗe yana kallona.

"Ke kam, Allah ya sa kar mu ɓata," ya ce.

Ban goge allon ba sai da malam ya tilasta ni ranar Litinin.

Aka tafi da Yaya koyon aiki. Bayan watanni ya biyo ta Yendi da jar hula da naɗin ƙwauri, an tura shi aiki, kuma Bawku aka tura shi. Ya ce Allah ne ya so ya gyara zumunci, har ya sayi goro zai kai wa Baffa. A gidanmu ƙarami ba ya gaida babba a tsaye, sai ya cire takalmi ya durƙusa. Amma Baba Saje ya taɓa faɗa mini cewa mai kayan sarki ba ya durƙusa wa kowa, sai dai ya ƙame ya sara.

Na raka shi tasha ina riƙe da ƙullin guzurinsa. Yaron mota yana ta kiran Gushegu da Bawku. Sai da ya sa ƙafa a kan taya zai hau na ja gefen rigarsa.

"Yaya."

"Na'am, mai ƙirga."

"In za ka kai goron, kar ka je gida. Ka bari sai ranar kasuwa, lokacin da suke sauke kaya, shi da ɗansa. Ka je da kayan nan a jikinka. Ka taho daga nesa a hankali, su ga tafiyarka. Kuma don Allah, Yaya, ka gaishe shi a tsaye."